Layin Gidanmu na Miskine

Duk wanda ya san ni a Kilomita Biyar, unguwar kasuwa a Bangui, ya san ba na barin dala ta faɗi ƙasa ban sunkuya ba. Shagona na kayan masarufi ne: sukari, sabulu, madarar gwangwani, ashana, batir, shinkafa. A shekarun boren soja a cikinsa nake kwana, tabarma ɗaya bayan kanta, buhu shi ne matashin kai. Aurena ya mutu tun kafin wannan lokaci, ba ɗa ba jika, tsohuwarmu ta rasu, saura mu biyu, ni da ƙanena. Shi ma daga baya ya tafi ya bar ni.

Shi ne ya yi boko a gidanmu. Ni allo na yi, lambobi kawai na iya karantawa a rubutun Nasara, amma su kam ba a cuta ta a kansu. Duk abin da ya shafi ofis shi ne. Shi ya buɗe mana ajiya a banki da sunana, shi ya sa aka jawo waya gidanmu na unguwar Miskine don mu riƙa magana da masu aiko mana kaya daga Duwala. Sai ya shigo da takarda ina tsakiyar awon sukari, ya ɗora yatsa a ƙasanta ya ce, “Yaya, sa hannu nan.” In sa, in koma kan sikelina. Ban taɓa tambayarsa me ke ciki ba, ai ɗan'uwana ne.

Bayan bore na farko ciniki ya kwanta. Ma'aikata ba albashi, kowa sai dai ya ce a rubuta. Ƙanena ya ce shago ɗaya ba zai riƙe magidanta biyu ba, zai bi wasu abokansa zuwa Libiya neman aiki. Na yi faɗa, na yi rarrashi, a banza. Ranar da na raka shi tasha ya ce, “Can Juma'a ce ranar hutu. Duk lokacin da na samu hali zan kira gida bayan an sauko daga masallaci.” Ya kuwa kira daga Njamena, ya sake kira sau ɗaya bayan ya tsallake sahara, muryarsa can ƙasa-ƙasa, yana cewa ya samu aikin gini.

Sai bore na biyu ya zo. Ina shago ina gadin kayana aka shiga gidan. Da harbi ya lafa na je na tarar an kwashe katifu, rediyo, tukwanen tsohuwarmu, har kan wayar, an fisge shi an bar igiya tana reto a jikin bango. Na tsaya na dubi igiyar nan na ce shi ke nan, waya ta mutu. A tunanina ƙanena ne yake zuwa ofishin masu waya duk wata ya biya da hannu, to ba ya nan, ni kuma ban san ko ƙofar ofishin ba, ai za su yanke ne. Na sa katako na kulle ƙofa da ƙusa, na roƙi maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Kirista mai sayar da garin rogo da ta yi zaman mutunci da uwarmu, ta riƙa sa ido. Na koma shago da zama gaba ɗaya.

Daga nan shiru. Wata ya wuce, shekara ta wuce, aka yi bore na uku mai tsawo, aka kafa shingaye a tituna, wanda ke wannan unguwa ba ya leƙa waccan. Ba wasiƙa, ba saƙon baki. In an tambaye ni a masallaci sai in ce yana lafiya, in kawar da kai. A raina kuwa haushinsa nake ji, haushi mai tsanani. Ina cewa yaron nan ya san hanyar shago, in da yana so ai da ya ba wani direba saƙo. Wata rana kuma haushin ya gushe, tsoro ya maye gurbinsa, in ce ƙila ma ba ya duniya. Da magariba idan na jawo ƙofar ƙarfe na rufe, sai in dafa shayi kofi ɗaya, in ci burodi da sadin, ba wanda zan ce wa yau an yi zafi. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Da gari ya ɗan natsu aka buɗe bankuna, sai na so in aika kuɗin kaya Duwala. Ni kuwa duk abin da na zuba da abin da na cira yana kaina. Na je na tambayi abin da ya rage, aka rubuta mini a 'yar takarda, na duba na ga bai kai ba. Giɓin ba mai yawa ba ne, bai fi kuɗin buhunan sukari 'yan kaɗan ba, amma giɓi ne. Na ce a ba ni takardar shige da fice ta ajiyar tun daga tafiyar ƙanena. Suka ce sai na biya kuɗin bugawa, kuma in dawo jibi. Na biya ina ƙunƙuni.

Na shimfiɗa takardun a kan kanta ina bi da yatsa. Abin da na zuba yana nan daidai. Abin da na cira yana nan. Kuɗin da banki ke yanka don riƙe ajiya na san da shi, ƙanena ya taɓa yi mini bayani, duk da har yau ban ga gumin da suke yi ba. Amma ga wani layi daban, kusan ƙarshen kowane wata, jaka uku da 'yan kai, adadinsa ba ya canzawa, haruffan da ke gabansa iri ɗaya. Har watannin da banki yake rufe ana harbi, da aka buɗe an tattara su an cire. Na ce lallai, wato harsashi ya hana ni fita amma bai hana ɓarawon nan aiki ba.

Washegari na saka babbar rigata na shiga tasi zuwa cikin gari. Wadda na tarar a teburin tambaya mace ce mai gilashi, ba ta kai ƙanena shekaru ba. Da Sango, yaren gari, muka yi magana, don Faransancina bai wuce na gaisuwa ba. Na ajiye takardun na ce, “Madam, wa ke cin kuɗina duk wata?”

Ta duba ta ce, “Baba, ba wanda ke ci. Wannan kamfanin waya ne. Duk wata suna turo mana kuɗin abonma ɗinka, wato na riƙe layi, mu kuma mu cire mu biya su.”

“Wace waya? Ni ba ni da waya. An sace ta shekara biyu ke nan.”

“To su dai ba su sani ba. Kai ka ba mu izini mu riƙa biya.”

Na ce ban taɓa ba kowa izini a kan dukiyata ba, na ma ɗaga murya har na bayana suka fara leƙe. Ta tashi ta shiga ciki. Ta jima sannan ta dawo da wata takarda, ta juyo ta wajena. Ga sa hannuna a ƙasa, karkatacce kamar kullum. Sauran rubutun kuwa na ƙanena ne, na gane yadda yake ja wa bakwai ɗinsa sanda a tsakiya. A gefen takardar akwai wani tabo na maiƙo, ina jin yatsana ne, daga man gyaɗa. Sai da na daɗe ina kallon rubutun nan, na manta da abin da ya kawo ni.

Da na dawo hayyacina na ce a mayar mini da kuɗina. Ta ce ba zai yiwu ba, banki ya bi umarnina ne. Na ce to a tsayar daga yau. Ta ce wannan ana iya yi, in sa hannu a wata takarda su daina biya, amma ta gargaɗe ni: “In mun tsayar daga nan kawai, su can za su ci gaba da rubuta maka bashi, su yanke layin, kuma su bi ka. Yarjejeniyar tsakaninka da su take. Je ka can ka soke ta tukuna, su ba ka shaida, ka kawo mana.” Na tattara takarduna na fita ina cewa a raina, shiga da sa hannu ɗaya, fita sai an zaga gari.

Ofishin wayar ya ci mini kwana biyu. Rana ta farko mai kula da sokewa bai zo ba, an ce hanyar unguwarsu ba ta biyuwa. Rana ta biyu na same shi, dattijo mai furfura, rigarsa ta koɗe a wuya. Ya karɓi katin shaidata, ya nemo fayil ɗin, ya ce layin da sunana yake, a Miskine, ba bashi ko sisi. Ya ce shi ya sa adadin ba ya canzawa: ba a kira da shi, kuɗin riƙe layi kawai ake caji, wanda ya kira ka daga waje kuma shi ke biyan kiransa. In ina so a soke sai in kawo wasiƙar neman sokewa, akwai masu rubutawa a bakin ƙofa, kuma za a mayar mini da kuɗin ajiya da aka biya ranar da aka saka layin. Jin za a mayar mini da wani abu ya ɗan sanyaya mini rai.

Amma bakina bai iya yin shiru ba. Na ce, “Ku dai ku ji tsoron Allah. Shekara biyu kuna karɓar kuɗin abin da ya mutu.”

Ya ɗago kai ya ce, “Wa ya ce ya mutu? Kan waya aka sace, ko igiyar titi aka yanke?”

“Kan aka ɗauke.”

“To bari mu ji.”

Ya jawo wayar teburinsa, ya juya lambobin yana duban fayil, ya saurara, sannan ya miƙo mini. Na kara a kunne. Tana ƙara. Ta yi ƙara, ta yi shiru, ta sake, daidai yadda take yi in ka kira gidan da mutane ke ciki.

Na ce, “Ina take ƙara? Ba kowa a gidan, ba ko kan waya.”

Ya ce, “A gidan ba a jin komai. Amma mai kira haka zai ji. Muddin ana biya ba mu yanke ba, daga nan injinmu zai ba shi wannan ƙara, ko akwai kai a can ko babu. Shi dai zai ɗauka ba a ɗaga ba ne.”

Ban san lokacin da na zauna a kan benci ba. Juma'o'i nawa ke cikin shekara biyu? Ban ƙirga ba, ni da nake ƙirga komai. Sai na ga yaron nan tsaye a wani shagon waya a ƙasar mutane, da ƙurar siminti a gashinsa, ya bi layi, ya juya lambar gidan uwarsa, yana ji tana ƙara ba a ɗauka. Ni kuma ina nan bayan kanta ina zaginsa a zuci.

Dattijon ya ce, “In kira maka mai rubuta wasiƙar?”

Na ce a'a. Na tambaye shi ko za a iya mayar da layin shagona da lambarsa. Ya duba wani babban littafi ya ce ana yi, amma akwatin da ke ba ɓangaren kasuwa ba sauran gurbi, wani sashen igiyar ma an sare shi lokacin bore ba a gyara ba. In rubuta buƙata in jira, bai san har yaushe ba. Na ce a bar shi inda yake.

Ranar Juma'a na sayi tsohon kan waya wajen masu kayan gwanjo, na yi ciniki har mai shi ya ce in ɗauka don Allah in ba shi wuri. Wani mai gyaran rediyo ya raka ni Miskine, muka ɓamɓare katakon ƙofa. Ɗakin na warin jemage da ruwan da ya yi ta yoyo. Ya feƙe bakin igiyar, ya haɗa, ya ɗaga kan ya ba ni, na ji wannan dogon sauti na layi mai rai. Na sallame shi, na share ƙasa, na shimfiɗa tabarma.

Tsohuwar maƙwabciyarmu ta leƙo tana dogara sanda. Ta ce, “Ɗana, ka dawo gida ke nan?” Na ce a'a mama, waya nake jira. Ta dube ni, ta dubi wayar da ke ƙasa kan kwali, ba ta tambayi ta wa ba. Can sai ga ta da kujera 'yar tsugune da ruwa a kofi, ta ajiye ta tafi.

Ba ta yi ƙara ba ranar. Ba ta yi ba Juma'ar da ta biyo baya. Na shiga rufe shago duk Juma'a daga sallah har la'asar sakaliya, lokacin da ciniki ya fi kyau, maƙwabtana na kasuwa suna tsokanata wai na yi budurwa a Miskine, wai ashe maƙo ma yana da magani. Na bar su da zancensu. In zauna a ɗakin da aka haife mu, ina kallon inda gadon uwarmu ya bar alama a ƙasa, ina jin ƙararrawar coci da kukan awakin mutane. Wani lokaci in ɗaga kan in tabbatar layin na nan, in yi maza in ajiye kada ya kira a daidai lokacin ya ji a kame. Na fara cewa ya gaji ya daina, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Cikin wata na biyu, ana yayyafi, na ɗan gyangyaɗa, ta yi ƙara. Na zabura har na ture kofin ruwan. Na ɗauka na yi sallama.

Shiru, sai shuuu na nisa. Sannan aka ce, “Wa ke nan?”

Na ce, “Ni ne.”

“Yaya?”

Na ce, “Ni ne mana, wa kake zato?” Sai ga hawaye. Shi ma na ji yana jan hanci. Sai na shiga zuba kamar wanda aka kunna: an fasa gidan, an sace kan, na ɗauka an yanke, wallahi ban ƙi ɗauka ba, kada ya ce na yi fushi da shi ne.

Ya ce, “Yaya, tsaya, kuɗina ba su da yawa. Ban taɓa cewa ka ƙi ba. Muna jin labarin Bangui a rediyo, na san wani abu ya samu gidan. Na ba mutum biyu saƙo, ashe bai iso ba. Amma ai ni na cika takardar bankin. In ba kuɗi a ajiyar, wata biyu uku za su yanke. Duk ranar da na kira na ji tana ƙara, sai in ce shago na nan, yaya na zuba kuɗi, yana da rai. In bari ta yi sau biyar in ajiye, mai shagon wayar ma ba ya karɓar komai tunda ba a ɗauka ba. Yau ka ja mini asara.”

Muka yi dariya, ni ina share fuska da hannun riga. Na ce ya dawo, shago zai riƙe mu ko da gari da ruwa ne. Ya ce ba yanzu ba. Aikin gini ya tsaya, ana kamen baƙi, shi da wasu za su matsa bakin teku, an ce ana samun hanya zuwa gaba. Na ce wace gaba kuma, bayan wadda ka riga ka yi? Ya ce, “Ka gaida mama mai garin rogo. Yaya, kada ka bari a yanke.” Na buɗe baki zan ce masa ya faɗa mini sunan garin da yake, layin ya katse.

Na zauna riƙe da kan wayar har sautin ya canza. Da na fito tsohuwar tana bakin ƙofarta, ta ji ƙarar ta bango. Na ce yana gaishe ki. Ta ɗaga hannu sama ta yi godiya ga Allah da harshenta.

Ban sake jin muryarsa ba. Na ci gaba da zuwa duk Juma'a, shekara da shekaru, har da lokacin da aka sake rikici aka hana fita, in lallaɓa ta lunguna. Sau ɗaya ta yi ƙara, wani ne ya yi kuskuren lamba yana neman kantin magani. Wayar hannu ta shigo gari, kowa ya saya, ni ma na saya, amma ba ta da amfani a wannan sha'ani tunda bai san lambarta ba. Tsohuwar ta rasu, na je na yi wa 'ya'yanta gaisuwa.

Mai gilashin nan ta banki ta samu ƙarin girma, amma ba ta manta da ni ba. Wata rana ta gan ni a layi, ta ce, “Baba, har yanzu ba ka kawo mini shaidar sokewar nan ba. Kuɗinka na ta tafiya fa.”

Na ce, “Bar su su tafi, 'yata.”

Tun daga lokacin duk ƙarshen wata nake karɓar takardar ajiyar, ni da a da ban damu da ita ba. Ba na fara duba abin da ya rage. Sai in bi da yatsa har in samu layin nan na jaka uku da 'yan kai, in tabbatar an cire. In kuwa ciniki ya yi ƙasa, ko zan ci gari da ruwa, ba na barin ajiyar ta gaza wannan adadi, don in ya kira daga inda yake ya ji tana ƙara.